Kafin ki ce ƙaninki ya ci amana, mu karanta takardar bankin tare

Assalamu alaikum Anti. Ni bazawara ce daga wani ƙauye a yankin Gumel, ina kiwon tumaki ina kuma ɗan saye da sayar da riɗi. Tun rasuwar maigidana ƙanina ne ke riƙe da katina na ATM. Shi nake aika ya ciro mini kuɗi wurin mai POS ranar kasuwar Maigatari. Ina rubuta duk abin da na aike shi a littafi. Daga Oktoba zuwa Disamba na ga kimanin dubu arba'in da biyar sun ɓace. Na tambaye shi, ya rantse bai taɓa ba, ya ce banki ne ke zaftarewa. Amma kwanan baya ya yi sabuwar waya. Yanzu ko gaisuwar kirki ba ma yi, mahaifiyarmu kuma ta shiga damuwa. Na karɓo takardar bayanin asusun daga banki amma ban gane kanta ba, ga hotonta na turo. Shi ne ko banki ne?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Allah ya jiƙan maigidanki, ya sa albarka a neman da kike yi. Na zauna da shafukan nan da kika turo, na bi su layi bayan layi da biro, kuma na gano inda kusan duk kuɗin suka shiga. Ba ta ƙofa ɗaya suka fita ba, ta ƙofa huɗu ne. Biyu daga ciki babu laifin kowa. Ɗaya tana iya zama matsalar na'ura. Ɗaya ce kaɗai ke buƙatar ku zauna da ƙaninki. Ina so ki ɗauko takardar ki ajiye a gabanki, domin na fi son ki gani da idonki a kan ki ɗauki maganata kawai.

Kowane layi a takardar abu ɗaya ne da ya faru da asusunki. Daga hagu akwai kwanan wata, sai wurin da aka rubuta Narration, wato bayanin abin da ya faru. Bayansa akwai Debit, kuɗin da suka fita, da Credit, kuɗin da suka shigo. Na ƙarshe a dama shi ne Balance, abin da ya rage bayan wannan layin. Kamar buhun gero ne da ake ɗiba ana ƙarawa, kuma duk lokacin da aka taɓa sai a sake aunawa a rubuta kwano nawa ya saura. Ga watan Nuwamba na 2025 kamar yadda yake a takardarki, na taƙaita bayanan na kuma cire sunaye:

```
01-Nov  Opening Balance               38,400.00
03-Nov  Credit        120,000.00     158,400.00
03-Nov  EMTL               50.00     158,350.00
05-Nov  WEB             7,500.00     150,850.00
06-Nov  POS            30,600.00     120,250.00
13-Nov  POS            20,400.00      99,850.00
13-Nov  POS            20,400.00      79,450.00
17-Nov  TRF            15,000.00      64,450.00
17-Nov  TRF CHARGE         26.88      64,423.12
30-Nov  SMS ALERT          54.00      64,369.12
```

Abin da za ki fara yi, ki ɗauki ragowar layin sama, ki ƙara abin da ya shigo ko ki cire abin da ya fita, ki ga ko ya ba ki ragowar layin ƙasa. 38,400 da 120,000 na kuɗin riɗi sun ba da 158,400. Cire 50, saura 158,350. Haka za ki yi ta sauka har ƙarshen shafi. Na yi wannan a duka watanni ukun, babu layin da ya saɓa. Ma'anarsa ko kwabo bai fita a ɓoye ba. Duk naira da ta bar asusun tana da layinta da ranarta, abin da ya rage shi ne mu san wa ya jawo kowane layi.

Mu fara da maganar ƙaninki cewa banki ke zaftarewa. Gaskiya ne banki na cira, amma ki ga yawan abin. Naira hamsin ɗin nan mai suna EMTL ba ta banki ba ce ma, harajin gwamnatin tarayya ce a kan kuɗin da aka tura ta waya idan sun kai dubu goma ko fiye. A lokacin da takardarki ta ƙunsa, wanda kuɗi suka shigo wa ake cire wa, kuma an cire miki sau huɗu, naira ɗari biyu ke nan. Daga Janairun 2026 an mayar da ita kan mai turawa, saboda haka nan gaba za ki riƙa ganinta ne idan ke kika tura. Cajin tura kuɗi zuwa wani banki, wanda aka rubuta TRF CHARGE, a lokacin yana da mataki uku a ƙa'idar Babban Bankin Najeriya ta 2020: naira goma idan kuɗin bai wuce dubu biyar ba, ashirin da biyar har zuwa dubu hamsin, hamsin idan ya haura haka. Ana ɗora harajin VAT na kashi bakwai da rabi a kai, shi ya sa ashirin da biyar ta zama 26.88. Kin tura sau uku. Saƙon alat naira shida ne kowane ɗaya tun 2025, a da huɗu ne, kuma ana tarawa a cire lokaci guda a wata. Sai kuɗin kula da kati, wanda a 2025 naira hamsin ne duk wata uku, da haraji ya zama 53.75, na gan shi sau ɗaya a Disamba. Na haɗa dukkansu, sun tsaya a naira 496 da 'yan kwabbai. Ba su kai ɗari biyar ba. To idan ƙaninki ya yi imani banki ne ya cinye dubu arba'in da biyar, ya yi kuskure, kodayake kuskure ne da mutane da yawa ke yi saboda yawan ganin ƙananan alat.

Abu ɗaya da na duba ban gani ba, kuma ki riƙa lura da shi: cajin kula da asusu, wanda ake rubutawa Account Maintenance Fee. Wannan na masu asusun kasuwanci ne da ake kira karent. Naki asusun ajiya ne, idan kika taɓa ganinsa ki koma banki ki nemi a mayar miki.

Ƙofa ta biyu ita ce ladan mai POS. Kin aiki ƙaninki ya ciro dubu talatin, kin rubuta dubu talatin a littafinki, amma takarda ta nuna 30,600. Ɗari shidan nan mai POS ne ya ɗora kuɗin aikinsa a kan abin da ya danna, maimakon ya cire daga tsabar da zai miƙa. Banki ba ya raba su, lamba ɗaya yake nunawa. Na bi duk cirar da aka yi a watanni ukun, na tattara irin wannan ƙarin, ya kama naira 2,200. Littafinki bai yi ƙarya ba, ƙaninki ma bai ɓoye komai a nan ba. Daga yau ki buɗe wa ladan POS gurbinsa a littafin.

Yanzu ki dubi ranar 13 ga Nuwamba. An cire 20,400, aka sake cire 20,400, rana ɗaya, kuma bayanin ya nuna mai POS ɗaya ne. Ke kuma dubu ashirin kika aika a ciro, ita aka kawo miki. Wannan layin shi kaɗai ya kusa rabin abin da kike nema. Abu biyu ne zai iya jawo shi. Na farko, wanda duk mai zuwa kasuwar ƙauye ya sani: a sa kati, sabis ya ɗauke, na'ura ta fito da takarda ta ce DECLINED, mai POS ya ce bai shiga ba a sake, a sake ya shiga. Amma a can banki an riga an cire na farkon. A bisa ƙa'ida kuɗin kan dawo da kansu, kuma tun 2020 Babban Banki ya ce a warware irin wannan ta POS cikin awa saba'in da biyu. Kin ma taɓa samun haka ba ki sani ba. Ki duba Oktoba, akwai ranar da aka cire 10,200 sau biyu, washegari sai ga layin Credit na 10,200 da aka rubuta RVSL a jikinsa, ragowar ta koma daidai. Haka mayarwa take kama. Na 13 ga Nuwamba kuwa na bi har ƙarshen Disamba ban ga an mayar ba.

Na biyu, ba zan ɓoye miki ba, yana yiwuwa an ciri kuɗin sau biyu da gaske, ɗaya ya zo hannunki ɗaya bai zo ba. Takardar ita kaɗai ba za ta raba gardamar nan ba, amma akwai masu rabawa. Banki na da sa'a da mintin da aka yi kowace cira da lambar shaidarta. Idan tsakaninsu minti ɗaya ko biyu ne, alamar matsalar sabis ta yi ƙarfi. Idan ɗaya da hantsi ce ɗaya bayan la'asar, sai a yi wata tambayar. Shi ma mai POS na'urarsa na ajiye tarihin ciniki, za a ga ko sau ɗaya kuɗi suka faɗa masa ko sau biyu. Idan sau biyu suka faɗa masa alhali sau ɗaya ya ba da tsaba, to kuɗinki na wurinsa, kuma sau da yawa su kansu ba sa lura a ranar kasuwa saboda cunkoso. Ki tambayi ƙaninki cikin natsuwa ko ya tuna ranar da kati ya ƙi aka sake sakawa. Kada ki gaya masa ranar, ki bari ya faɗa da kansa.

Ƙofa ta huɗu ita ta fi damuna, domin har yanzu a buɗe take. Naira 7,500 ta fita ranar 5 ga Oktoba, ta fita ranar 5 ga Nuwamba, ta sake fita a Disamba. Adadi ɗaya, sunan kamfani ɗaya a bayanin, jimilla 22,500. Ba a wurin mai POS aka cire ba, WEB aka rubuta, wato ta intanet. Irin wannan cira mai maimaita kanta ba ta buƙatar kati a hannu ko lambar sirri a duk wata. Sau ɗaya ake shigar da lambobin jikin katin a wata manhaja, banki ya turo lambar tabbatarwa zuwa wayar mai asusu, a shigar da ita. Shi ke nan an ba kamfanin izinin ya riƙa ɗiba da kansa duk lokacin da wa'adi ya yi.

Layin ragowa ne ya tabbatar mini cewa na'ura ce ke yin wannan. Ranar Alhamis 4 ga Disamba an ciri kuɗi masu yawa, ina jin ranar da kika sayi tumaki ce, ragowar ta sauko zuwa dubu biyar da ɗari ɗaya. Ranar 5 ga wata babu cirar 7,500, saboda abin da ke ciki bai kai ba. Ranar 9 aka turo miki dubu arba'in, a ranar kuma 7,500 ta fita. Na'urar ta yi ta gwadawa ne har ta samu. Wannan ya nuna miki cewa bari asusun ya bushe ba zai tsayar da ita ba, jira kawai za ta yi.

Akwai kuma abin da layin ragowar ya faɗa game da ƙaninki, kuma adalci ne in faɗa. Daga 17 ga Nuwamba zuwa 4 ga Disamba, kwana goma sha bakwai, akwai fiye da dubu sittin da huɗu a asusun, katin yana aljihunsa, ya san lambar sirri, ba a taɓa ko naira ba sai cajin alat. Duk cirar POS da ke takardar kuma ranar Alhamis ce, ranar da kike aikensa. Mai satar kuɗin 'yar uwarsa ba kasafai yake da irin wannan haƙurin ba. Ban ce wannan ya wanke shi daga komai ba, amma ya isa ya sa ki sassauta zuciyarki kafin ku zauna.

Sunan da ke jikin cirar 7,500 na kamfanin da ke ba da kaya bashi ne a riƙa biya wata-wata, ba zan ambace shi a nan ba. Irin waɗannan kamfanoni suna ba da waya, suna ba da fitila da faifan sola. Na san inda zuciyarki ta tafi, tawa ma ta je can. Mai yiwuwa ne ƙaninki ya karɓi wayar bashi, aka nemi kati, nasa babu kuɗi ko ba shi da shi, ya ba da naki da niyyar zai riƙa biya da kansa, bai fahimci cewa daga asusunki za a riƙa cira kai tsaye ba. Idan haka ne, rantsuwar da ya yi cewa bai ciri kuɗinki ba yana iya ganinta gaskiya a ransa, duk da cewa ya yi laifin amfani da katinki ba da izininki ba. Amma ki tuna da kanki ma. Ko akwai sola da aka kawo gidan, wakilin kamfani ya karɓi katin ya ce rajista ce kawai? Ko akwai ranar da wani ya ce ki karanto masa lambar da ta shigo wayarki? Wa ke ɗaukar wayarki da dare? Lambar tabbatarwar nan ta wayarki ta bi, saboda haka wanda ya haɗa abin ya samu kati da waya a lokaci ɗaya.

Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ki nemi takardar wata shida kafin Oktoba, ki nemo ranar da sunan kamfanin ya fara bayyana. Sau da yawa cirar farko ta bambanta da sauran, ko dai kuɗin kafin alƙalami ne mai ɗan yawa, ko 'yar ƙaramar cira ta gwajin kati. Ki gwada ranar da lokacin da wayar ta zo hannunsa. Idan sun dace, kin samu amsa. Idan cirar ta girmi wayar da watanni, kin zarge shi a kan abin da ba nasa ba.

Zuwa banki kuwa da kanki za ki je, ba aike ba, da katin shaidarki da wayar da ke karɓar alat. Ki nufi teburin kula da abokan hulɗa, ba wurin biyan kuɗi ba. Ki ce a rufe tsohon katin a ba ki sabo. Rufe katin yana yanke cirar da aka ɗaura a jikinsa. Amma ki tambaye su a fili ko akwai wani izinin cira da aka ɗaura a kan asusun kansa, abin da suke kira Direct Debit ko Standing Order, domin shi canza kati ba ya kashe shi, sai kin rubuta a soke. Sannan ki cike takardar koke a kan cirar 13 ga Nuwamba, ki rubuta rana da adadi, ki karɓi lambar koken ki adana. Kada ki ƙara jinkiri a wannan, don ya riga ya daɗe, kuma koken POS yana ƙara wuya idan ya tsufa. Idan mako biyu suka wuce babu bayani, ki koma da lambar. Idan suka ci gaba da ja miki rai, Babban Banki na da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna, yana da reshe a Dutse da Kano, kuma abin da za su fara tambaya shi ne shaidar kin kai koke bankinki.

Ki shirya wa abu biyu da ba za su yi daɗi ba. Dubu ashirin da ɗari huɗun ana iya dawo da ita idan matsalar na'ura ce. Amma 22,500 da wuya banki ya biya, domin za su ce da katinki da lambar da aka turo wayarki aka ba da izini, kuma sharaɗin kati shi ne kada a ba kowa lambar sirri. Na biyu, tsayar da cirar ba ya goge bashin. Idan na wayar ne, kamfanin zai iya kulle ta daga nesa har sai an biya. Shi ya sa nake so ki yi magana da ƙaninki kafin ki je bankin ko a ranar, kada ya wayi gari waya ta mutu ya ɗauka ramuwa ce. Ki kuma binciki da sunan wa aka rubuta bashin. Idan da sunanki da lambar BVN ɗinki ne, a wurin kamfanin ke ce mai bashi, kuma barinsa ba biya zai ɓata miki suna ranar da kika nemi rance na gaske.

Zaman da za ku yi, ina ganin ku biyu kawai da farko, ba a gaban mahaifiyarku ba, ba kuma a gaban matarsa ko abokansa ba. Ki fara da abin da ya wanke shi. Ki nuna masa ladan POS, ki nuna masa kwana goma sha bakwai ɗin nan, ki ce kin ga bai taɓa ba. Idan kin faɗa masa maganar da ta yi zafi a baya, ki ba shi haƙuri a kanta, girmanki ba zai ragu ba. Sannan ki ɗora yatsa a kan 7,500 ki ce, “Wannan ne ban gane ba, ka san sunan nan?” Yaron da aka fara ba shi gaskiyarsa ya fi saurin faɗin tasa. Idan ya amsa, ku yi lissafi a rubuce: 22,500 da duk abin da tsohuwar takarda ta ƙara, ya riƙa biya gwargwadon ƙarfinsa, ko dubu biyu duk ranar kasuwa, ya kuma mayar da biyan wayar kan asusunsa. Idan ya musa, kuma ranaku suka nuna shi ne, a nan za ki sa kawunku ko wani babba da yake jin nauyi, a je ofishin wakilin kamfanin tare a ga sunan da ke kan yarjejeniyar. Ita kuwa Inna, ki gaya mata tun yau cewa an gano bakin zaren kuma ana kan gyara, domin ta samu barci.

Ko ya zama shi ne ko ba shi ba, sabon katin ya zauna a hannunki, lambar sirrinsa kuma a kanki ke kaɗai. Wannan kariya ce gare shi ma, don kada a sake zarginsa. Ranar kasuwa sai ki tura wa mai POS ɗin da kuka saba da shi kuɗin kai tsaye daga wayarki, ƙaninki ya karɓo tsaba kawai. Idan sabis ɗin ƙauyenku ba ya barin haka, ki tura abin da ake buƙata daidai zuwa asusun ƙanin tun daren Laraba, ya cira da katinsa. Kada ki dogara da alat kaɗai, don inda sabis ke yankewa saƙo kan makara ko ya ɓace, ina kuma zargin haka 7,500 ta wuce ki sau uku. Takardar wata-wata kyauta ce idan ta imel ko manhajar banki aka turo, bugawa a reshe ne ake caji kowane shafi. Duk ƙarshen wata ki sa ragowar ƙarshe ta takardar kusa da ragowar littafinki. Idan bambancin ya wuce 'yan ɗaruruwan caji, ki bi layukan tun watan bai yi nisa ba. Idan kin karɓo takardar watanni shidan baya, ki turo mini shafin da sunan kamfanin ya fara fitowa mu duba tare.